Nazarin lamari: nas ɗin da ta ɗauka ta ajiye aiki, alhali a fayil ɗinta babu komai

Yadda abin yake kafin a fara

Wannan nas ɗin shekararta shida a wani asibiti, huɗu a wod ɗin tiyata na mata, biyun ƙarshe kuma a ɓangaren da ake ajiye waɗanda suka fito daga tiyata amma jikinsu bai gama daidaita ba. Ba zan faɗi sunanta ko na asibitin ba, ita ce dai ta yarda in rubuta, kuma ni na zauna da ita a tsakiyar rikicin don na riga ta shiga aikin da shekaru, shi ya sa na san ranakun da takardun.

Takardu uku ne suka ɗaure ta da asibitin, kuma kamar yawancinmu ta sa musu hannu ne ta jefa a jaka ba ta sake dubawa ba. Ta farko takardar ɗaukar aiki, a ciki an ce ma'aikacin da aka tabbatar da shi zai ba da notis na wata biyu a rubuce, zuwa ga shugaban ofishin ma'aikata, ta hannun metiron, wato shugabar nas-nas ta asibitin, in kuma bai cika wata biyun ba sai ya biya albashin kwanakin da suka rage. Ta biyu bon ne: asibitin ya taɓa biya mata wani kwas na wata shida a kan kula da marasa lafiya masu tsanani, ta sa hannu za ta yi musu aiki wata 24 bayan ta dawo, kuma wata 24 ɗin nan sai 31 ga Oktoba suke cika. In ta tafi kafin nan za ta mayar da kuɗin kwas ɗin gwargwadon watannin da suka rage, kuma akwai wani ɗan layi a ƙasa da ya ce guntun wata ana lissafa shi a matsayin cikakken wata. Ta uku ƙa'idar hutun shekara, kwana 24 na aiki a shekara, wato biyu a kowane wata da ka kammala. Ta riga ta ci 10 a watan Maris.

Waɗannan sharuɗɗan nata ne fa, wani asibitin wata ɗaya ne notis ɗinsa wani uku, wani ma a makonni yake ƙirgawa, amma tsarin kusan ɗaya ne.

9 zuwa 16 ga Yuni: admishan ya fito

Ranar Litinin 9 ga Yuni aka turo mata admishan na digiri na biyu, karatu na cikakken lokaci, wata 18. Rijista ido da ido daga 15 zuwa 19 ga Satumba, a fara lacca 22 ga Satumba, kuma makarantar a wani gari ne mai nisa, ba zancen ta riƙa zuwa tana dawowa diyuti. Admishan ɗin da sharaɗi yake: kafin 29 ga Agusta sai ta tura shaidar lasisinta mai aiki da kuma takarda daga wurin aiki da ke nuna ta yi aƙalla shekara biyu tana kula da marasa lafiya.

In ka yi lissafi da baya, ranar ƙarshe da za ta iya tsayawa a wod ita ce Juma'a 12 ga Satumba, ka cire wata biyu, kenan notis ɗin ya kamata ya isa ofishin ma'aikata zuwa Juma'a 11 ga Yuli. A lokacin ba ta yi wannan lissafin ba.

Abin da ta yi shi ne ranar Laraba 11 ga Yuni, bayan an gama miƙa diyuti da safe, ta tsayar da sista mai riƙe da wod ɗin a bakin ofis ta gaya mata da baki. Sistar ta yi mata murna sosai, ta ce "kar ki yi saurin ajiye aiki, bari mu nema miki hutun karatu ko da ba albashi, kin ga gurbinki yana nan in kin dawo." Ranar 16 ga Yuni ta cike fom ɗin hutun karatun ta miƙa. Aka ce mata kwamitin da ke duba irin wannan sau ɗaya yake zama duk wata uku, zama na gaba kuma sai ƙarshen Yuli.

7 ga Yuli: imel na farko

Mako uku shiru. Hankalinta ya fara tashi, ga shi a satin diyutin dare take, su biyu kacal a kan gado 14. Da misalin ƙarfe uku na daren Litinin 7 ga Yuli, bayan ta gama zagayen magani, ta zauna a kwamfutar wod ta rubuta imel daga adireshinta na aiki. Na gan shi daga baya, ya kusa cika shafi biyu. A wajen Subject ta rubuta "Game da karatuna". A wajen To sistar wod ce kaɗai, Cc babu kowa.

Ta fara da godiya, sai tarihin zuwanta asibitin, sai ta gangara kan ƙarancin ma'aikata da yadda ake jera mata dare huɗu a jere, da wata magana da aka taɓa gaya mata a gaban ɗalibai wadda har yau tana cinta. Maganar tafiya sai a sakin layi na biyar ta fito, kuma ga yadda ta fito: "Idan har ba a samu damar ba ni hutun nan ba, to ba ni da wani zaɓi illa in haƙura da aikin wajen watan Satumba, duk da ba haka na so ba."

Da safe sistar ta amsa da layi ɗaya, "Na gani, za mu yi magana." Ba su yi ba. Ita kuwa nas ɗin a ranta ta riga ta ba da notis, har ta gaya wa mutanen gida ta ajiye aiki, tana ƙirga wata biyu daga 7 ga Yuli tana ganin 7 ga Satumba ta fita, har da rarar sati guda na haɗa kaya.

24 zuwa 28 ga Yuli: hutun bai samu ba, notis ma babu

Kwamitin ya zauna Alhamis 24 ga Yuli ya ƙi amincewa. Dalilai biyu suka rubuta, cewa akwai nas biyu daga ɓangaren da suka riga suka tafi hutun karatu ba su dawo ba, kuma ba a ba wanda bai gama bon ɗin farko wani hutun. Na biyun nan yana cikin littafin ƙa'idojin ma'aikata tun farko, ba wanda ya buɗe ya duba, daga ita har sistar.

Ba ta wani damu ba don a ganinta ƙofa ta biyu a buɗe take. Ranar Litinin 28 ga Yuli ta je ofishin ma'aikata karɓar fom ɗin kiliyarans, wato takardar da ofisoshi ke sa wa hannu cewa ba sa bin mai tafiya komai. Mutumin da ke kan teburin ya ɗauko fayil ɗinta ya buɗe ya ce mata babu takardar ajiye aiki a ciki. Ta buɗe wayarta ta nuna masa imel ɗin 7 ga Yuli, ya karanta har ƙarshe, a tsanake kuwa, sannan ya ce mata abu uku: ba su aka aiko wa ba kuma bai bi ta hannun metiron ba, babu ranar tafiya a ciki don "wajen watan Satumba" ba rana ba ce, sannan jimlar da "idan" ta fara, ofishinsu kuma ba ya cire mutum daga albashi a kan "idan". Ya ce in yau ta kawo takarda, wata biyu zai kai ta ƙarshen Satumba.

Ƙarshen Satumba kenan rijista ta wuce, an yi sati guda ana lacca.

Daren 28 ga Yuli: lissafi a kan takarda

A daren ta kira ni, "Anti na shiga uku." Na ce ta zo da takardun nan uku da kalandar wayarta. Farkon abin da take so ta yi shi ne ta rubuta wani imel ɗin ta dage a kan cewa 7 ga Yuli ne notis ɗinta, su yi duk abin da za su yi. Muka karanta imel ɗin 7 ga Yulin tare, ta kai kan "idan" ɗin nan ita da kanta ta yi shiru. Abu na biyu da ya zo mata shi ne ta yi tafiyarta kawai ranar 12 ga Satumba. Wannan ma muka duba abin da zai jawo: za a cire mata albashin kwanakin da ba ta cika ba, bon zai zama wata biyu, kuma fayil ɗinta zai nuna ta tafi ba ta cika notis ba, alhali wannan ofishin dai shi ne za ta dawo wa neman takardar shaidar aiki, yanzu don makaranta, nan gaba kuma duk inda ta nemi aiki.

Sai muka raba abu biyu da mutane suke haɗawa, ranar da za ta yi diyutinta na ƙarshe, da ranar da sunanta zai fita daga jerin ma'aikata. Ba dole su zama rana ɗaya ba. Mutum zai iya kasancewa ma'aikaci a takarda yana cikin hutunsa.

Idan ta aika gobe 29 ga Yuli, wata biyu sun cika 28 ga Satumba. Amma da muka ɗora bon a kai sai muka ga tarko: in ta fita 28, ragowar kwana biyun Satumba za a lissafa su wata guda, a haɗa da Oktoba, ta biya kashi 2 cikin 24 na kuɗin kwas. In ta matsa zuwa Talata 30 ga Satumba, Oktoba kaɗai ya rage, kashi 1 cikin 24. Kuma sai ta kammala Satumba ne kwana biyun hutun watan za su shiga lissafinta. Takardar aikinta cewa ta yi kada notis ya gaza wata biyu, ba ta hana ya wuce ba. Don haka 30 ga Satumba muka tsayar.

Daga Litinin 15 zuwa Talata 30 ga Satumba kwana 12 ne na aiki. Hutunta daga Janairu zuwa Satumba 18, a cire 10 na Maris, saura 8. Sai ta tuna akwai ranakun hutun gama-gari guda biyu da ta yi diyuti ba a rama mata ba, kuma an rubuta su a littafin wod, suka zama 10. Saura biyu. Waɗannan ko dai ta nemi a ba ta su ba albashi, ko ta yi ƙarin diyuti biyu a Agusta a ajiye mata su. Ta zaɓi na biyu, don ta san rostar Agusta akwai giɓi a daren Asabar, kuma abu ne da za ta iya miƙa wa sistar a madadin alfarmar da za ta nema. Don alfarma ce, ba haƙƙi ba: kwanakin nata ne, amma sa su a cikin lokacin notis sai shugabanta ta yarda.

29 ga Yuli: imel na biyu

Kafin ta danna komai, da safe ta je ta samu sistar ta gaya mata abin da za ta aika da abin da za ta roƙa, don kar ta fara ganinsa a allo kamar an tsallake ta. Zaman bai yi daɗi ba, imel ɗin farko yana tsakaninsu, amma an yi shi.

Ƙarfe goma da rabi ta aika, wannan karon daga adireshinta na kanta, saboda na aiki ana rufe shi da zarar mutum ya tafi, kuma duk shaidar da ke ciki ta tafi kenan. To: shugaban ofishin ma'aikata. Cc: metiron da sistar wod. Subject: "Ajiye aiki", sai sunanta, lambarta ta ma'aikata, da "ranar ƙarshe 30 ga Satumba". Ga abin da ke ciki, gaba ɗayansa:

"Ranka ya daɗe,

Ina sanar da kai cewa na ajiye aikina na nas a ɓangaren tiyata. Wannan shi ne notis ɗina bisa takardar ɗaukata aiki, daga yau 29 ga Yuli. Ranar ƙarshe ta aikina ita ce Talata 30 ga Satumba. Dalili shi ne zan fara karatun digiri na biyu.

Ina roƙon a amince in yi amfani da ragowar hutuna na kwana 8, da kwana 2 na hutun da na yi aiki a cikinsu, da kwana 2 na ƙarin diyutin da zan yi a Agusta, daga 15 zuwa 30 ga Satumba. Idan an amince, diyutina na ƙarshe zai kasance Juma'a 12 ga Satumba.

Na san da saura wata ɗaya a bon ɗina, ina roƙon a ba ni lissafin abin da zan mayar a rubuce. Kafin 12 ga Satumba zan miƙa duk abin da ke hannuna ga wadda aka zaɓa.

Na gode da shekaru shida da na yi a nan. Don Allah a tabbatar mini an samu wannan saƙo."

Sai suna, lamba, da lambar waya. Ta kuma manna kwafin wasiƙar da ta sa wa hannu. A lura akwai "idan" a nan ma, amma a kan hutun yake, ba a kan tafiyar ba. Ko sun yarda ko ba su yarda ba, jimlar farko ta riga ta sa an fara ƙirga kwanakin notis. Sunan makarantar ma ba ta sa ba, ba wanda ya tambaya, kuma maganar dare huɗu a jere ko kalma ɗaya ba ta shiga ba.

30 ga Yuli zuwa 8 ga Agusta: shiru, sai hatimi

Kwana shida ba amsa. Wannan karon ba ta zauna jira ba. Litinin 4 ga Agusta ta sake rubuta layi biyu a ƙarƙashin saƙon farko, ba sabon imel ba, yadda duk wanda ya buɗe zai ga ranar 29 ga Yuli a ƙasa. Washegari ta buga wasiƙar kwafi biyu ta kai da hannunta, metiron ta sa hannu ta wuce da ita, sai a ofishin ma'aikata sakataren ya ɗauko hatimi zai buga ranar 5 ga Agusta. Nan ta tsayar da shi, ta nuna masa imel ɗin da ya shigo akwatinsu tun 29 ga Yuli, ya duba ya gani, sai ya buga hatimin ya rubuta a gefe da biro cewa an karɓa ta imel ranar 29 ga Yuli, ya sa hannu. Da ta bari an tafi a kan 5 ga Agusta, wata biyu sai ya faɗa 4 ga Oktoba, duk lissafin daren nan ya rushe. Ta ɗauki kwafinta ta tafi.

Juma'a 8 ga Agusta takardar amincewa ta fito: ranar ƙarshe 30 ga Satumba, an yarda da hutun kwana 12 bisa sharaɗin sistar ta tabbatar an yi ƙarin diyutin biyu, bon kuma kashi 1 cikin 24 za a cire daga albashin ƙarshe.

Agusta: takardar makaranta

Nan aka sake cin karo. Ta nemi takardar shaidar aiki don makaranta, aka ce ba a bayarwa sai an gama kiliyarans, kiliyarans kuma sai gab da tafiya, makaranta kuwa 29 ga Agusta take so. Kwana huɗu tana kai-komo kafin a gane ba abu ɗaya suke magana a kai ba. Su suna nufin takardar da ake ba wanda ya riga ya bar aiki, mai ranar farawa da ranar gamawa. Ita kuwa makaranta abin da take so kawai shaida ce cewa wance nas ce a nan tun shekara kaza, a ɓangare kaza, kuma har yanzu tana aiki. Wannan kuwa ana ba kowane ma'aikaci in ya nema. Da ta kai musu shafin admishan ɗin suka karanta sharaɗin da idonsu, a kwana biyu aka buga mata. Ta tura ranar 21 ga Agusta tare da kwafin lasisinta, wanda dama ba na asibiti ba ne, tsakaninta ne da hukumar da ke yi wa nas-nas rijista, barin aiki ba ya taɓa shi matuƙar tana sabuntawa.

Ƙarin diyutin ta yi su daren Asabar 16 da daren Asabar 23 ga Agusta, kuma kowanne ta tabbatar an rubuta shi a littafin wod da sa hannun sistar kafin ta cire yunifom.

1 zuwa 12 ga Satumba: miƙa aiki

Rostar Satumba ta fito da sunanta har 12 ga wata, daga nan an ja layi an rubuta hutu. Abin da ke hannunta, ban da marasa lafiya, abu uku ne: ita ke duba kayan keken da ake ajiye magunguna da kayan ceton rai na gaggawa duk mako, ita ke odar kayan ɗaurin ciwo daga sito, kuma akwai ɗalibai biyu da take sa wa hannu a littafin koyon aikinsu. Ta rubuta kowanne a shafi ɗaya, ranar da ake yi, wa ake kira, me ya kusa ƙarewa, wane magani a keken ne kwanansa zai ƙare a Nuwamba, ta zauna da wadda za ta gaje ta sau biyu suka bi shi layi-layi. Littattafan ɗaliban ta cike su kafin ta tafi, don in ta bar su ba wanda zai iya sa hannu a kan abin da bai gani ba.

Fom ɗin kiliyarans ofis bakwai ne. Shida sun wuce a rana ɗaya, a ɗakin magani aka tsaya. Mai haɗa maganin ya buɗe rijistar magungunan da ake kullewa, irin su mofin da fetidin, waɗanda duk allurar da aka fitar sai nas biyu sun sa hannu, mai bayarwa da mai shaida, sai ya samu wani layi na daren 19 ga Agusta da hannunta kaɗai. Adadin kwalaben ya yi daidai, takardar maganin mara lafiyar ma ta nuna an ba shi a lokacin, sa hannu na biyun ne kawai babu. Sai da aka jira abokiyar diyutinta ta wannan daren ta dawo daga hutun kwana biyu, ta rubuta bayani da ranar da take rubutawa, ba ta koma ta cike gurbin kamar a daren aka yi ba, sistar ta sa hannu a ƙasa, sannan ya sake ta. Allah ya taimaka ta fara zagayen tun 8 ga wata, ba ranar ƙarshe ba.

Ranar Juma'a 12 ga Satumba ta yi diyutin safe, ta miƙa marasa lafiyarta gado-gado kamar kullum, aka ƙirga magungunan kulle tare, ta ba da makullin. Katin shaida kuwa sai ta bar shi a ofishin ma'aikata aka rubuta an karɓa.

Inda aka tsaya

Ta yi rijista 16 ga Satumba, ta shiga lacca 22. Sunanta ya fita daga albashi 30 ga wata. Albashin Satumba bai shigo tare da na kowa ba, an riƙe shi har aka rufe fayil, ya shigo 17 ga Oktoba an cire kashi 1 cikin 24 na kwas ɗin, babu wani cirewa. Sati biyu da rabi kenan tana sabon gari ba albashi, wannan ba mu hango shi ba, sai da ta ci bashi. Takardar kammala aiki ta fito a mako na ƙarshe na Oktoba, kuma a ciki an rubuta ta ajiye aiki da cikakken notis.

Abin da nake gani

Imel ɗin farko ba don tsawonsa ya faɗi ba, kuma ba don ƙorafin da ke ciki ba, duk da ƙorafin ya yi nasa ɓarnar. Ya faɗi ne don ta so ta riƙe ƙofa biyu da jimla ɗaya, tana neman hutu tana kuma barazanar tafiya, shi kuwa mai fayil abin da yake nema kawai shi ne rana da zai rubuta. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, da ya ɗauki wannan "idan" ɗin a matsayin ajiye aiki sannan kwamiti ya ba ta hutu, da ita ce za ta fara kai ƙararsa.

Neman hutun karatun ma ba kuskure ba ne a karan kansa, shawarar sistar da zuciya ɗaya ta ba ta. Inda aka yi sake shi ne ba wanda ya ɗora ranar zaman kwamiti, 24 ga Yuli, a kan ranar da notis ya kamata ya shiga, 11 ga Yuli, ya ga cewa amsar za ta zo ne bayan lokaci ya ƙure. Da ta gani tun a Yuni, da sai ta zaɓa: ko ta roƙi a duba fom ɗinta kafin zaman, ko ta ba da notis sak ta rubuta daban cewa in hutun ya samu tana roƙon a bar ta ta janye, tana sane cewa janyewar sai sun ga dama. Balle ma minti goma da littafin ƙa'idoji ya isa ya nuna mata mai bon ba ya samun hutun.

Abin da ya cece ta kuwa rabinsa lissafi ne rabinsa sa'a. Da ta cinye hutunta duka a Maris, babu dabarar rubutu da za ta cike kwana 12 ɗin nan, sai dai ta biya. Kuma kwana 22 da ta ɓatar tsakanin imel ɗin biyu sun mayar da ita mai roƙo a gaban matar da ta gama zayyana wa laifinta da ƙarfe uku na dare. Sistar ta yarda, ta kyauta, amma tana iya cewa a'a kuma ba wanda zai ce ta karya doka. Wani abin dariya shi ne kuskuren ne ya sa ta zauna ta karanta bon ɗin, da imel ɗin farko ya wuce da 7 ga Satumba ta fita ta biya wata biyu ba ta ma san akwai wata hanya ba.

Abu ɗaya ne bai gyaru ba. A zangon farko makarantar ta nemi ta kawo wasiƙar shaida daga wadda ta yi aiki a ƙarƙashinta kai tsaye, don wurin da za a tura ta koyon aiki. Ta rubuta wa sistar, sistar ta aiko, layi huɗu, ranar farawa, ranar gamawa, ɓangaren da ta yi aiki, da cewa ba a taɓa samunta da laifi ba. Duk gaskiya ne. Wata nas da ta bar wod ɗin shekara guda kafin ita, wadda ba ta kai ta iya aiki ba, tata wasiƙar shafi guda ce cur.